Kibod na naɗi ko mai haɗe da rigar tabilet: wanne ya dace da malamin da ke kan hanya?

Malamin da ke kwana Kance ko Matamaye, yana hawa babur zuwa lakwal ɗin ƙauye da safe, ba ya iya ɗaukar kwamfuta mai nauyi kullum. Shi ya sa tabilet ta samu shiga jakar malamai, har da ta ɗaliban da iyayensu suka yi ƙoƙari suka saya musu. Sai dai duk wanda ya taɓa rubuta tsarin darasi mai shafi uku da ɗan yatsa a kan gilashi ya san abin ba ya ɗorewa. Daga nan sai a fara neman kibod, wanda waɗanda suka yi lakwal ke kira kilabiye. Iri biyu ne aka fi tallata wa matafiyi: wanda ke haɗe da rigar tabilet, ana rufe su tare kamar littafi, da kuma na roba mai taushi da ake naɗewa kamar ƴar tabarma a cusa a aljihun jaka.

Ra'ayina shi ne, na naɗin nan ya fi kyau a hannun mai sayarwa fiye da a hannun mai rubutu. Malamin da zai yi rubutu mai yawa, ko ya shigar da makin yara, ya bar shi.

Na san abin da ke jan hankali gare shi, kuma ba ƙarya ba ne. Roba ɗaya ce ta lulluɓe shi baki ɗaya, babu kafar da ƙurar hunturu ko garin alli za su shiga. Shayi ya zube a kai, ka goge da tsumma. A ƙasarmu, inda rairayi ke shiga har cikin tuwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a duba abin da ke ƙarƙashin robar. Wasu siraran ledoji ne da aka zana wa layukan wuta a jiki, kamar zanen tawada. Idan ka danna harafi, ledar sama ta taɓa ta ƙasa, saƙo ya tafi. Waɗannan layuka suna jure naɗi mai sako-sako, amma ba sa jure ninki. Ka ninke shi biyu, ka ɗora littattafai a kai, ka ɗaure jakar a bayan babur da roba, to layin da ke kan ninkin zai fara tsagewa. Alamar wannan cuta a bayyane take. Ba harafi ɗaya ke mutuwa ba, gungu ne: haruffa uku ko huɗu, ko fiye, su ɗauke lokaci guda, domin layi ɗaya suke bi. Idan ka ga haka, kada ka wahalar da mai gyaran waya, babu abin da zai liƙa.

Ko da bai lalace ba, akwai maganar rubutun kanta. Maɓallin roba ba shi da abin da ke riƙe shi daidai, don haka in yatsa ya sauka a gefe sai ya karkace, bai taɓa ƙasa ba, harafin bai fito ba. Dole ka danna tsakiya, ka kuma danna da ƙarfi. Sannan yana buƙatar wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A kan cinya ba ya aiki ko kaɗan. A kan tabarma da ke bisa rairayi, sai ya riƙa nutsewa. Kuma malamin ƙauye, a rumfar zana ko a gindin bishiya, sau nawa yake samun tebur mai laushin fuska? Ga shi kibod ɗin ba ya tsayar da tabilet, sai ka nemi abin jingina ta. Abin da aka yi don matafiyi, sai ga shi yana neman ofis.

Bari mu yi lissafi, don a ga inda abin ke cizo. A ce aji yana da yara 60, darussa 8. Maki 480 ke nan za a shigar a ƙarshen zango. Maki irin 12,5 danni huɗu ne, kenan kusan danni 1900. A ce kibod yana haɗiye danni ɗaya cikin hamsin. Kuskure wajen 38 ke nan. A cikin rubutun wasiƙa, in harafi ya faɗi ido yana kama shi, domin kalmar za ta gurgunce. A cikin lambobi babu wannan gata. Yaron da ya ci 15 sai ya koma mai 5 ko mai 1, kuma teburin lissafin ba zai ce uffan ba. Iyaye su ne za su ga sakamakon a takardar ɗansu, malami kuma shi zai sha kunya. Wannan kaɗai ya isa dalili.

To na rigar fa? Ya fi, amma yana da nasa. Maɓallansa irin na kwamfutar hannu ne, kowane yana zaune kan wani ɗan almakashi na roba mai tauri da ke sa ya sauka daidai ko ta wane gefe aka taɓa. Bayansa da tauri, ana iya ɗora shi a kan benci ko jaka, wasu ma a cinya. Babbar matsalarsa faɗi ce, kuma wannan lissafi ne, ba laifin kamfani ba. A cikakken kibod, daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19 ne, kuma layi ɗaya yana cin gurbin maɓalli 15, wato kusan santimita 28 da rabi. Tabilet mai inci 10 tsawonta bai wuce santimita 24 zuwa 25 ba. Tunda riga ba za ta fi mai ita girma ba, dole a matse maɓallan zuwa wajen milimita 16. Milimita uku kamar ba komai ba, amma babban mutum mai kaurin yatsu zai riƙa danna biyu a lokaci guda, kafaɗunsa kuma su tsuke, bayan rabin awa wuya ya ɗauki ciwo. Ga ɗan aji shida mai ƙananan hannuwa kuwa, wannan girman daidai ne. Iyaye su lura, abin da ya matse uba yana iya zama cif ga ɗansa.

Ana iya auna wannan a shago da rular ɗan makaranta. A ɗora ta daga tsakiyar harafin farko na layin sama, Q ko A, zuwa tsakiyar P. Tazara tara ce tsakaninsu. In ta kai santimita 17, cikakken kibod ne. In ta tsaya a 14 da rabi, to na yara ne da masu siraran yatsu. Ni dai ga babba, ƙasa da 15 da rabi ba na ba da shawara.

Wajen ƙarko, na riga ba daga maɓallai yake fara mutuwa ba. Daga ninkin rigar yake farawa, inda fatar bogi ke ɓarewa, da kusurwoyin robar da ke riƙe tabilet, waɗanda girgizar hanyar laterit ke fasawa. Sai batir. Yawancinsu da bulutut suke aiki, da ɗan batir siriri a ciki, irin na waya. Zafin watan Afrilu da Mayu a Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin baƙar jaka da aka bari kan babur a rana. Batir irin wannan zafi ne ajalinsa. In ka ajiye kibod a tebur ka ga yana rawa, ko tsakiyarsa ya yi tozo, batir ya kumbura, a daina yi masa caji. Ƙura kuma tana shiga ƙarƙashin maɓallai. A kife shi a bubbuga a hankali, a share da tsohon buroshin haƙori busasshe, kada a ɓamɓaro maɓalli, domin almakashin in ya karye ba ya komawa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye: rigar ta tabilet ɗaya ce tak. Ranar da gilashin ya fashe aka sayi wata, rigar ta zama shara. Saboda haka a nemi irin wanda kibod ɗinsa ke manne da maganaɗisu, ana iya cire shi. Rigar ta tsufa, kibod ya ci gaba da aiki, har da wayar hannu.

Maganar da ta fi shafar mu mutanen bakin iyaka ita ce jerin haruffa. Kaya da yawa ta Kano da Daura suke shigo mana, kuma kibod ɗin kasuwar Najeriya QWERTY ne, na Ingilishi. Malamin Nijar kuwa a kan AZERTY ya koya, kuma yana buƙatar é, è, ç da à a kowane layi na takardar aiki. Abin da aka zana a kan maɓalli ba shi ke hukunci ba. A tabilet mai Android, in an haɗa kibod, ana shiga saiti a nemi Clavier physique a zaɓi tsarin Faransanci. Daga nan sai ka danna Q, A ta fito. Wanda ya haddace wuraren haruffa ba ruwansa, amma mai duban yatsunsa, da yaro mai koyo, za su rikice. Sannan a tsarin Faransanci lambobin layin sama sai an riƙe Shift suke fitowa, abin da ke da gajiyarwa ga mai shigar da maki 480. Dabarar ita ce a ajiye tsari biyu: Faransanci don rubutu, Ingilishi don ranar maki.

Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, babu su a kan ko ɗaya daga cikin kibod ɗin nan. Tun da dokar 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, wannan ba ƙaramar giɓi ba ce ga mai koyar da yara karatu, domin kafa daban, ƙafa daban. Ana iya kunna kibod ɗin gilashi na Hausa ya zauna tare da na hannu, a riƙa ɗauko su daga can, ko a sa manhajar Keyman da tsarin Hausa. A gwada wannan kafin a biya kuɗi, ba bayan an dawo gida ba.

Gwajin kansa ba wuya. Ka je da tabilet ɗinka, ka haɗa, ka zauna yadda kake zama a wurin aikinka, ba a kan kantar mai shago ba. Ka kwafi sakin layi ɗaya daga littafin darasi na minti biyar, da saurin da ka saba, ba tare da gyara ba, sannan ka ƙirga haruffan da suka faɗi da waɗanda suka fito sau biyu. Ka sa kalmomi masu harafi ninki, irin su sannu, hannu da littafi, domin a nan maɓalli mai nauyin tashi ke tona kansa. Ka rubuta lambobi daga 0 zuwa 20 sau uku. Ka bar shi minti goma har ya yi barci, ka danna, ka ga ko harafin farko ya ɓata kafin bulutut ya farka.

Na naɗi yana da inda ya dace, ban hana ba: ɗakin da yara da yawa ke taɓa na'ura ɗaya da hannu mai maiƙo, akwai tebur, rubutun kuma ɗan kaɗan ne. Wanda zai saya don wannan, ya ɗauki mai igiya, tunda ba shi da batir ɗin da zai kumbura, ya haɗa da ɗan mahaɗin OTG da ya dace da bakin tabilet ɗinsa. Ya dai sani bakin caji zai toshe, don haka a cika tabilet tun da dare. In an gama, a naɗe shi sako-sako, maɓallai na waje, a zura shi cikin gwangwani ko guntun bututun ruwa kafin ya shiga jaka.