Dajin da ke renon kifi a bakin Kogin Isa, da ruwanmu a cikinsa

Ruwan da ke ratsawa ƙarƙashin gadar Kennedy a Yamai, idan ya wuce Gaya ya shiga Najeriya, ƙarshen tafiyarsa yankin Neja Delta ne, inda yake rarrabuwa gida-gida kafin ya faɗa teku. A wannan mahaɗa ta ruwan daɗi da ruwan gishiri akwai wani daji da mafi yawan matasan Banifandu ba su taɓa gani da ido ba. Bishiyoyinsa a tsaye suke cikin laka, kan saiwoyi masu kama da ƙafafun gizo-gizo, teku na ciko musu ta janye sau biyu a kowace rana. Ana kiran su mangurob, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawansu. Ra'ayina shi ne wannan daji ya shafe mu, mu da ke saman kogi, kuma kare wanda ke tsaye ya fi dashen sabo muhimmanci nesa ba kusa ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin dajin ita ce a tuna da burgu. Duk wanda ya san sarkawan Kogin Isa ya san cewa idan ruwa ya cika ya malale fadamu, cikin ciyawar burgu kifi ke shiga, nan ƙanana ke samun abinci da mafaka har su yi ƙwari. Abin da mangurob ke yi wa teku ke nan. Ganyensa na zuba cikin laka, ƙaguwa da ƙananan halittu su ci su narkar da shi, su kuma su zama abincin 'ya'yan kifi da na jatan lande. Tsakanin saiwoyin ruwa ba zurfi, ga duhu, ga matsatsi, don haka babban kifi ba ya iya kutsawa ya yi farauta. Da yawa daga jatan landen gaɓar Afirka ta Yamma a teku ake ƙyanƙyashe su, cikowar ruwa ta kawo su bakin kogi suna ƙanana, su yi watanni suna girma, sannan su koma teku inda masunta ke kama su. Idan aka sare dajin, shekarar farko kamu ba ya nuna komai, domin manyan da suka riga suka girma suna nan. Sai bayan 'yan shekaru raga za ta fara dawowa da sauƙi, a lokacin da aikin gama ya riga ya gama.

Aiki na biyu shi ne tare igiyar ruwa. Binciken da masana suka tattara a 2012 ya nuna cewa mita 100 na dajin mangurob na rage tsayin igiya da tsakanin kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari. Ma'ana, igiyar da ta shigo da tsayin mita ɗaya, idan ta ratsa mita 100 na daji, za ta fito da tsayin santimita 87 in dajin tsirara ne, ko santimita 34 kacal in mai kauri ne, saiwoyinsa a cunkushe. Wannan bambanci shi ne tsakanin gaɓar da ke zaizayewa da wadda ke zaune daram. Haka kuma idan ruwa ya rage gudu tsakanin saiwoyi, lakar da yake ɗauke da ita na kwantawa, ƙasa ta riƙa tashi kaɗan-kaɗan.

Sai dai kada a yi wa abin ƙarin gishiri. Idan guguwa ta turo teku gaba ɗaya kan tudu, kilomita guda na daji abin da yake rage wa tsayin ruwan bai wuce santimita 5 zuwa 50 ba. Layi biyu ko uku na bishiyoyi a bakin gari ba za su hana ambaliya ba. Faɗi da kauri ne ke aiki, shi ya sa daji tsoho mai faɗi ba shi da madadi.

Garin Bodo da ke ƙasar Ogoni a Jihar Ribas ya nuna abin da rasa shi ke nufi. Daga 2008 an samu malalar ɗanyen mai har sau biyu daga bututun kamfanin Shell, man ya bi cikowar teku ya shiga lungu-lungu na dajin. Lakar da mangurob ke tsaye a ciki ba ta da iska, don haka bishiyar na numfashi ne ta ƙananan ƙofofi da ke jikin saiwoyinta na sama. Idan mai ya shafe waɗannan ƙofofi, tamkar an toshe wa mutum hanci ne. Ganye ya yi rawaya ya zube, ƙaguwa da dodon koɗi su ɓace, daga ƙarshe sai busassun itatuwa a tsaye cikin baƙar laka. A watan Janairun 2015 kamfanin ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55, inda fam miliyan 35 suka tafi ga masunta kusan 15,600, sauran kuma ga al'umma. Idan aka raba, kason kowane masunci bai wuce fam dubu biyu da ɗoriya ba, a madadin sana'ar da ya gada. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce gyaran muhallin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ɓarnar 'yan watanni ke nan, gyara na tsawon rayuwar matashi.

Wani zai ce ai sai a sake dasawa. Dashen mangurob da sauƙi a ido: ɗan itacen jan mangurob tun yana kan uwa yake tsirowa, dogo kamar sandar ganga, sai a tsinko a soka a laka. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane. Bishiyar na rayuwa ne a wani siririn yanki kawai, inda ruwa ke rufe ta ya kuma janye ya bar ta ta sha iska. Idan aka dasa ƙasa da haka, ta nutse ko igiya ta tumɓuke ta. Idan aka dasa sama da haka, gishiri ya taru ya ƙone ta. A ƙasar Filifin, inda aka kashe maƙudan kuɗi kan dashe, masana sun ƙiyasta cewa abin da ya rayu na dogon lokaci bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, saboda yawanci an dasa irin da bai dace ba a wurin da bai dace ba. Don haka duk wanda ya zo da labarin an dasa miliyan kaza, a tambaye shi guda nawa ke raye bayan shekara uku, kuma ko 'ya'yan itace sun fara tsirowa da kansu a wurin. Wannan ce alamar cewa daji ya dawo.

Akwai kuma wani cikas. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wata kaba daga Asiya mai suna nipa suka dasa a Kalaba. Yau duk inda aka sare mangurob ko mai ya kashe shi, ita ke rigan kowa mamaye filin. Daga nesa kore shar, amma ba ta da saiwoyin nan masu ƙafafu da ke ba 'ya'yan kifi mafaka, kuma idan ta kafu ba ta barin mangurob ya dawo sai an bi ta an tumɓuke.

To ina ruwanmu? Na farko, bakinmu. Gaskiya ne cewa yawancin daskararren kifin kwali da ake sayarwa a kasuwannin Yamai daga tsakiyar teku ake kamo shi, ba ruwansa da mangurob. Amma bandar kifin bonga da busasshen jatan lande da ke hawowa daga kudu zuwa kasuwannin Kano da sauran garuruwanmu 'ya'yan bakin kogi ne, kuma sau da yawa da itacen mangurob ɗin ake banda su, domin yana ci a hankali, yana ba kifi launi mai kyau. Ana sare ɗakin renon kifi don a gasa kifin. Ba na ganin laifin matan da ke wannan sana'a, domin babu wani itace kusa da su, kuma doka kaɗai ba ta ciyar da yara. Abin da ke rage sara shi ne murhu mai cin itace kaɗan, irin murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Ghana a 1969, wanda ake jera faifan kifi hawa-hawa kan wuta ɗaya. 'Yan kasuwarmu da ke sarin banda a Legas, Kwatano ko Fatakwal na iya saka jari a irin wannan murhu wurin masu kawo musu kaya, su tsare hajar da za su saya baɗi.

Na biyu, kuma mafi nauyi, kogin kansa. Dajin Neja Delta na tsaye ne kan lakar da kogi ke kawowa daga sama. Matsawar teku na tashi, dole ƙasan dajin ta riƙa tashi tare da ita, in ba haka ba ya nutse. Kowace madatsa kuwa na tare laka a bayanta, tana kuma sauya yawan ruwan daɗin da ke sauka. Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba da ke ƙasa da ita sun daɗe suna wannan. Nijar na gina madatsar Kandadji a jihar Tillaberi, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙasar da ke fama da ƙarancin lantarki da abinci ta haƙura da ita. Abin da nake cewa shi ne a sa bakin kogi cikin lissafi lokacin da ake tsara yawan ruwan da za a riƙa saki da lokacin sakinsa.

Wurin yin wannan lissafi ma a Yamai yake. Hukumar kula da Kogin Isa ta ƙasashe tara, wadda ake kira ABN, nan ne hedikwatarta. Siyasa ta raba Nijar da wasu maƙwabtanta a 'yan shekarun nan, amma ruwa bai san iyaka ba, kuma wannan hukuma na cikin 'yan teburan da har yanzu ƙasashen saman kogi da na ƙasansa ke da kujera a kai. Ya kamata 'yan jarida da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni su riƙa tambayarta a fili: laka nawa ke isa bakin teku yanzu, wa ke aunawa, kuma me sababbin madatsu za su rage?

Mutanen Lamorde da Karaje ba su manta da 2020 ba, shekarar da kogi ya fasa shingen da ke kare unguwanninsu. Sun san darajar abin da ke tsaye tsakanin gida da ruwa. Masuntan Bodo da maƙwabtansu shingensu bishiya ce, kuma wani ɓangare na lakar da ke riƙe ta ta gabanmu take wucewa. Su ma suna da haƙƙi a kan yadda muke sarrafa kogin.