Mafi ƙarancin biya a katin bashi: ina riba take shigowa?

Ra'ayina shi ne, layin da ya fi yaudara a takardar lissafin katin bashi na banki shi ne wanda ke nuna mafi ƙarancin abin da za a biya.

A ƙaddara ma'aikaci a Dutse ya ci bashin naira 100,000 da katin, ya sayi kayan abinci. Banki ya ba shi wa'adi. In ya biya duka kafin ranar, ba a ɗora masa ko kwabo. Wannan rangwame kuwa sharaɗinsa biyan kuɗin gaba ɗaya.

To, sai ya biya 10,000 da aka rubuta a matsayin mafi ƙaranci. Tarar jinkiri kawai ya kauce wa, rangwamen ya faɗi. A yawancin katuna ana lissafa kuɗin ruwa kullum, tun daga ranar sayayya. In ruwan kashi 3 cikin ɗari ne a wata, kimanin 3,000 ko fiye za su hau kansa, wato bashin bai ragu da fiye da 7,000 ba. Abin da ya fi ciwo, duk sabuwar sayayya ruwa zai fara hawanta nan take, har sai ya share bashin. Ko 95,000 ya biya, rangwamen ya tafi.

Malamai sun yi saɓani kan karɓar katin ga mai niyyar biya cikin wa'adi. Amma ƙarin da ke biyo bayan biyan rabi-da-rabi, ni ban ga sunan da ya dace da shi ba face riba.