Kafin A Kai Hanci Gaban Wuƙa

'Yan'uwa, tun muna yara muke jin ana yabon amarya da cewa hancinta har baka. Wannan yabo ya sa 'yan mata da dama, har da samari, suna ganin faffaɗan hanci kamar wani aibi ne. Hanya biyu ake nuna musu yau: kwalliyar hoda, ko kuwa tiyata. Ra'ayinmu shi ne, kada kowa ya kai hancinsa gaban wuƙa sai ya gane bambancin abin da ruwa ke wankewa da abin da ba ya komawa.

Mu ɗauki misalin yarinyar da saura wata uku a ɗaura mata aure, tana so hancinta ya fito siriri a hoto. Mai kwalliya za ta ja layi biyu da hoda wadda ta ɗan fi fatarta duhu, daga gindin gira zuwa bakin hanci, ta sa mai haske a tsakiya, sa'an nan ta murza har layin ya ɓace. Ido yakan ɗauki wuri mai duhu kamar ya lotsa, mai haske kuma kamar ya taso. Dabarar ke nan duka. Iyakarta kuwa a fili take: daga gaba kawai take aiki. In aka dubi yarinyar daga gefe, karan hancin yana nan yadda yake, gumi kuma yana iya ɓata aikin kafin a tashi daga biki. Amma in bai yi mata ba, sabulu da ruwa sun isa.

Tiyata dabam ce. Mutane suna tsammani rage hanci ake yi, alhali ga mai shimfiɗaɗɗen hanci yawanci ƙari ake yi. Likita yakan ɗebo guringuntsi daga cikin hancin, ko kunne, ko haƙarƙari, ya ɗora domin karan ya tashi. Wani kuma roba yake sawa, ita kuwa tana iya gocewa ko ta jawo ruɓa har sai an cire ta. In ƙofofin hancin ake so a tsuke, sai a yanke 'yar tsoka a inda hanci ya haɗu da kumatu. Abin da aka yanke ya tafi ke nan, kuma in aka zarce, shaƙar iska takan yi wuya.

Ga amaryar nan tamu, lissafin bai fita ba. Za ta yi kamar mako guda da abin tallafi manne a hanci, kumburin gindin ido kuma ya kai mako biyu. Amma ainihin siffar hancin ba ta bayyana sai bayan shekara guda, ga mai kaurin fata ma takan wuce haka. Ashe da kumburarren hanci za ta shiga ɗakin miji. In aikin bai yi kyau ba, sai ta jira wajen shekara kafin a sake taɓawa, aiki na biyu kuma ya fi na fari wuya da tsada. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Saboda haka, duk mai wannan niyya ya fara duba jikinsa. Idan hujin kunne ko wani tsohon rauni ya taɓa barin masa tabo mai kumburowa, ya faɗa wa likita. Haka mai sikila, da mai hawan jini, da mai shan taba. Wanda bai gama girma ba ya dakata, gama ƙashin fuska yana tafiya har wajen shekara 16 ko 17. A tabbata likitan ƙwararre ne a fiɗar fuska ko ta hanci, a kuma nemi ganin hotunan masu irin fatarmu da ya yi wa aiki, bayan shekara, ba bayan mako ba. Allurar cika hanci da ake yi a shagon kwalliya kuwa, a guje ta. In ruwan ya toshe jijiyar jini, fata tana iya mutuwa, har ido ya makance. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ba mu ce tiyata ba ta da wuri ba. Wanda haɗarin mota ya karya wa hanci, ko aka haife shi da tsagaggen leɓe, ko bangon tsakiyar hancinsa ya karkace har ba ya numfashi sosai, magani yake nema, ya kamata mu taimake shi. Amma wadda maganar saurayi ko ba'ar ƙawaye ta tura, muna roƙonta ta yi wata shida tana gwada hoda tukuna. Ta kuma tambayi kanta ko wane ne hancin nan ya dama, ita ko su. Mu iyaye kuma mu daina tsokanar 'ya'yanmu da hancinsu, gama sau da yawa daga bakinmu ciwon yake farawa.