Kimiyya a sauƙaƙe: daga uraniyom zuwa darma

Shekaru da dama mutanen Tawa sun ga manyan motoci ɗauke da uraniyom na Arlit suna ratsa Adar zuwa kudu. Ƙarfen nan ba ya dawwama: sannu a hankali yakan rikiɗe, ƙarshensa darma. Me ya sa yake tsayawa nan?

A 1949, Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen, kowa a nasa ɓangare, suka nuna cewa ƙwayoyin furoton da nutiron suna zaune hawa-hawa cikin cibiyar zarra. Hawa yakan cika in adadinsu ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126. Masana na kiran su lambobin sihiri, domin cikakken hawa yana da wuyar rushewa.

Uraniyom 238 yana da furoton 92. Bayan matakai 14 na rikiɗa, sai ya zama darma 206, mai furoton 82 cif, wadda ba ta sake canzawa.

Amma lamba ɗaya ba ta isa kariya ba. Darma 210 ma furoton 82 gare ta, sai dai nutiron sun yi mata yawa, har 128. Saboda haka tana fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, kuma rabinta kan rikiɗe cikin shekara 22.