FILIN KIWON LAFIYA: Zafin fitsari ga mata, don me maganinsa ba ya ɗaukar kwana da yawa?

Mata da yawa a karkarar Damagaram sun san wannan ciwo. Fitsari ya riƙa fita da zafi kamar barkono. Mace ta je ta tsuguna, ɗan kaɗan ya fito, kafin ta zauna ta sake jin wani. Mara ta yi nauyi, wani lokaci fitsarin ya gurɓace. Wannan shi ne ciwon mafitsara. In an je gidan likita, sau da yawa maganin kwana 3 ko kwana 5 ake ba da wa. Sai wasu su ce malamin asibiti ya yi rowa. To, ba rowa ba ce. Ga dalili.

Inda ciwon yake zaune

Ƙoda biyu su ne ke tace jini su fitar da fitsari. Fitsarin ya gangaro ya taru cikin mafitsara, kamar yadda ruwa ke taruwa cikin tulu. Daga mafitsara zuwa waje akwai ƴar hanya. Ga mace wannan hanya gajera ce, ba ta wuce kamar santimita 4 ba, kuma bakinta yana kusa da dubura. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu sunanta i-koli. A cikin hanji ba ta cuta. Amma in ta bi gajerar hanyar nan ta shiga mafitsara, sai ta hayayyafa ta kawo zafi. Cikin mata 10 masu wannan ciwo, wajen 8 ita ce sanadi.

Ga mace mai lafiya, ƙwayoyin suna zaune cikin fitsarin da kuma jikin bangon mafitsara daga sama-sama. Ba su nutsa cikin tsoka ba, ba su shiga jini ba. Kamar ciyawar da ta tsiro bayan ruwan fari ce, saiwarta ba ta yi nisa ba, hauya ɗaya ta ishe ta.

Yadda maganin ke aiki

In mace ta haɗiye maganin, sai ya shiga jini. Ƙoda ta tace shi ta zuba shi cikin fitsari. Saboda haka ƙarfinsa cikin mafitsara ya fi ƙarfinsa cikin jini nesa ba kusa ba. Maganin da cutar sun haɗu ke nan cikin tulu ɗaya. Ban da haka, duk sa'ad da ta yi fitsari, tana wanke wasu ƙwayoyin zuwa waje. Shi ya sa aikin ke ƙarewa da wuri.

Kowane magani da nasa kwanaki. Nitirofurantowin kwana 5 ake shan sa. Fosfomisin gari ne, giram 3 cikin ƙunshi ɗaya. Ana dama shi da ruwa a sha sau ɗaya tak, ya kwana biyu yana aiki cikin fitsari. Kotirimoksazol kwana 3 ne, amma a ƙasashen Afirka ta Yamma i-koli da yawa ba sa jin sa, don an sha shi barkatai. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A cikinsa ma kwana 3 zuwa 5 aka rubuta don wannan ciwo.

Misali

A ɗauki wata mace mai shekara 28 a wani ƙauye na wajen Mirriya. Kwana biyu tana fama da zafin fitsari. Mijinta ya kai ta gidan likita. Malamin asibiti ya tambaye ta: “Malama, jikinki ya yi zafi? Kin yi amai? Bayanki na ciwo ta wajen haƙarƙari? Yaushe kika ga al'adarki? Akwai ruwa mai fita ta gaba?” Ta ce al'ada ta zo makon jiya, sauran kuma duk babu. Ya auna zafin jikinta, ya ɗan bubbuga bayanta, ba ta ji ciwo ba. Ya tsoma ɗan tsinken awo cikin fitsarinta, launinsa ya sake.

Sai ya rubuta mata nitirofurantowin mai miligiram 100, irin wanda ake sha sau biyu a rana: ɗaya da safe, ɗaya da dare, tare da abinci, kwana 5. Ƙwaya 10 ke nan. Ya gaya mata fitsarinta zai yi duhu, kada ta tsorata, aikin maganin ne. Ya ce ta sha ruwa sosai, kada ta riƙe fitsari. Ran kwana na biyu zafi ya ragu. Duk da haka ba ta ajiye sauran don wata rana ba, ba ta ba kishiyarta ba. Ta shanye 10 ɗin, ta tsaya nan.

Me zai faru in an ƙara kwanaki?

Cikin hanji da gaban mace akwai ƙwayoyi masu amfani, masu tsare jiki. Magani ba ya bambanta su da masu cuta. In an daɗe ana sha, sai ya kashe su. Daga nan zawo ya zo, ko ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri. Ƙwayoyin da suka tsira kuwa su ne masu taurin kai. Su za su hayayyafa, gobe in ciwo ya dawo maganin ba zai ci su ba. Ga kuma asarar kuɗi. Likitoci sun gwada sun gani: ga irin wannan mace, ƙarin kwanaki yana ƙara wahala fiye da amfani.

Waɗanda gajeren magani bai ishe su ba

In zazzaɓi ya shiga, da rawar sanyi, da amai, da ciwon baya ta gefe, mai yiwuwa cutar ta hau ƙoda. Wannan babban ciwo ne. Nitirofurantowin ba ya isa cikin tsokar ƙoda, wani magani ake bukata, galibi na mako ɗaya ko fiye. A tafi gidan likita ran nan. In ya yi tsanani za a tura ta asibitin gunduma ko babban asibitin Zinder.

Mace mai ciki, da namiji, da ƙaramin yaro, da mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda, su ma nasu dabam ne. Likita ne zai zaɓa masu magani da kwanaki.

Akwai kuma masu kama da shi. Jini a ƙarshen fitsari, ga mai shiga tabki irin na Gidimuni ko fadamun Korama, yana iya zama tsargiya. Tsutsa ce ke kawo ta, maganinta farazikantal. Ruwa mai fita ta gaba da zafin fitsari yana iya zama ciwon sanyi na saduwa. A nan dole a yi wa mata da miji magani tare. Mai tallan kafso a kasuwa ba ya iya bambanta waɗannan.

Jama'a, a kiyaye: in an yi kwana 3 ana shan magani ba a ga sauƙi ba, ko ciwon ya dawo cikin mako biyu, kada a sayi ƙari. A koma gidan likita da takardar maganin a hannu, a sake auna fitsari.