Naira Nawa Buhu Ɗaya Ke Ci A Injin Casa?

Duk mai masana'anta yana son ya san abu biyu: nawa zai kashe a wata ko aiki ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma nawa kowane ƙarin kaya ke ci. Akantoci na da hanyoyi biyu na ciro amsar daga tsohon littafin kashe kuɗi. Ta farko ita ce hanyar sama da ƙasa, ta biyu kuma rigireshan. Kowace tana alkawarin raba kuɗin gida biyu, tsayayye da mai bin aiki, da wannan tsari: `y = a + bx`. A nan `y` jimlar kuɗi ce, `a` tsayayyen kuɗi, `b` kuɗin kaya ɗaya, `x` kuma yawan kayan da aka sarrafa. Alkawarin na da daɗin ji. Mu gwada shi da lissafi, tunda idan aka yi kuskure mu masu saye ne za mu biya a farashi.

A ce ga injin casar shinkafa a Kano, ga kuma abin da ya kashe a wuta, gas na janareto da gyara cikin wata shida. Alƙaluman na misali ne.

Yuli: buhu 4,000, naira miliyan 5.1
Agusta: buhu 5,000, miliyan 5.4
Satumba: buhu 6,000, miliyan 6.1
Oktoba: buhu 8,000, miliyan 6.9
Nuwamba: buhu 9,000, miliyan 7.4
Disamba: buhu 10,000, miliyan 9.3

Hanyar sama da ƙasa tana ɗaukar watan da aka fi casa da watan da aka fi ƙaranci. Yawan buhu ake dubawa wajen zaɓen, ba yawan kuɗi ba. Disamba ke nan da Yuli. Bambancin kuɗi miliyan 4.2 ne. Bambancin buhu 6,000 ne. A raba, kowane buhu ya ci naira 700. A koma Yuli: buhu 4,000 sau 700 ya ba da miliyan 2.8. A cire daga 5.1, saura miliyan 2.3, shi ne tsayayyen kuɗin. Minti biyu an gama.

To, mu mayar da amsar kan watanni huɗun da aka tsallake. Agusta, hanyar ta ce miliyan 5.8, littafi ya ce 5.4. Satumba ta ce 6.5, littafi 6.1. Oktoba 7.9, littafi 6.9. Nuwamba 8.6, littafi 7.4. Ta zarce a duka huɗun, jimlar zarcewar miliyan 3. Da kuskuren na rarrabuwa ne, wani sama wani ƙasa, da sai a ce yau da gobe ce. Amma duk sun karkata gefe guda, kuma wannan ita ce alamar cewa ɗaya daga cikin watanni biyun da aka jingina da su yana da matsala. Watan da aiki ya kai ƙololuwa shi ne ma ya fi saurin zama daban, domin a lokacin ne ake tura inji fiye da ƙima har ya lalace.

Masu rigireshan za su ce nasu ya fi, tunda yana amfani da duka watanni shida. Yana neman layin da jimlar giɓin da ke tsakaninsa da kowane wata, bayan an ninka kowane giɓi da kansa, za ta zama mafi ƙanƙanta. Legendre ne ya fara wallafa dabarar a 1805. Yau a Excel ba ta wuce layi uku ba, idan buhuna na A kuɗi na B:

```
=SLOPE(B2:B7,A2:A7)
=INTERCEPT(B2:B7,A2:A7)
=RSQ(B2:B7,A2:A7)
```

Amsar ita ce naira 621 a buhu, tsayayyen kuɗi miliyan 2.35. Layi na uku ya ba da 0.91, wato yawan buhu ya bayyana kashi 91 cikin ɗari na hawa da saukar kuɗin. Wannan adadin ne ke sa a rufe littafi a ce an gama.

Mu ba mu gama ba. Mu buɗe rasiɗan Disamba. A ciki akwai naira miliyan 1.2 na sauke injin janareto a yi masa babban gyara, aikin da lalacewar watanni da yawa ta jawo, ba casar Disamba kaɗai ba. A ware shi gefe, Disamba ta dawo miliyan 8.1. A sake lissafi. Hanyar sama da ƙasa ta ba da naira 500 a buhu da tsayayyen miliyan 3.1. Rigireshan ya ba da 493 da miliyan 3.05, adadin layi na uku kuma ya hau 0.99. Hanyoyin biyu sun zo kusa da juna. Rasiɗi ɗaya ya ƙara naira 200 a amsar farko, ya ƙara 128 a ta biyu. Ke nan rigireshan ya rage ɓarnar, bai kawar da ita ba. Ninka giɓi da kansa ma yana sa watan da ya fita daban ya ja layin da ƙarfi, musamman idan yana can ƙarshe. Kuma 0.91 bai yi ko tari ba a kan haka.

Me wannan ke ci a aljihu? A ce a watan da ake casar buhu 7,000, wani ɗan kasuwa ya kawo aikin ƙarin buhu 2,000. Bayan an biya leburori da kuɗin buhu, naira 600 ce ta rage a kowanne don wuta da gyara. Mai riƙe da 700 zai ga asarar naira 200,000, ya ƙi aikin. Mai riƙe da 621 zai ga asarar 42,000, shi ma ya ƙi. Mai riƙe da 493 zai ga ribar 214,000. Biyu daga cikin ukun sun mayar da kuɗi da hannunsu, kuma kowannensu yana da lissafi a takarda.

Akwai wata matsalar da gyaran rasiɗi ba ya magancewa. A littafin nan buhuna na ƙaruwa wata bayan wata. Idan farashin gas ko na wuta shi ma yana hawa a daidai lokacin, dukan hanyoyin biyu za su ɗora ƙarin farashin a kan buhu, su ce casa ce ta ci kuɗin. Wannan ba tsoron banza ba ne. A Afrilu 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu Band A a Nijeriya zuwa naira 225 a kowane yunit, ninki fiye da uku. Wanda ya haɗa watannin kafin nan da na bayansa a lissafi ɗaya ya gauraya farashi biyu, amsarsa ba ta dace da ko ɗaya ba. Maganin shi ne a rubuta litar gas da yunit na wuta, a yi lissafin da su, sannan a ninka da farashin yau.

Abu na ƙarshe shi ne iyaka. Littafin ya san abin da ke faruwa tsakanin buhu 4,000 da 10,000 ne kawai. A buhu 15,000 ana iya buƙatar ma'aikatan dare ko janareto na biyu, tsayayyen kuɗin ya yi tsalle. Haka nan miliyan 3.05 ba shaida ba ce ta abin da za a kashe idan inji ya tsaya cik, domin babu watan da aka ga haka. Wata shida kuma ya yi kaɗan. Mai son ya dogara da rigireshan ya nemi shekara biyu ko fiye, rani da damina duka su shiga.

Hukuncin a taƙaice yake. Hanyar sama da ƙasa ta isa gwajin farko, ba ta isa a yanke farashi da ita ba. Rigireshan ya fi ta, amma abin da aka zuba masa shi yake aunawa. Kafin mu karɓi kowane adadi, mu nemi a zana watannin a takarda mu gani da ido, a mayar da amsar kan kowane wata, a kuma buɗe rasiɗan watan da ya fita daban. Akantan da ya kawo kuɗin buhu ba tare da waɗannan ukun ba, a mayar masa da takardarsa ya sake.