Ra'ayinmu: Jerin cefane a waya ba zai yi aiki ba sai kowane layi yana da mai shi

Akwai wata rigima da kusan kowane gida a zangunanmu ya san ta. Maigida ya dawo bayan magariba da galan ɗin man gyaɗa, sai ya tarar uwargida ta sayo wani tun da rana a kasuwar Nima. Tukunyar gas kuma, wadda aka yi kwana uku ana cewa ta kusa ƙarewa, ba wanda ya kai ta a cika. Shi ya ce: "Ai ba ki faɗa mini ba." Ita ta ce: "Maigida, tun Litinin na turo maka." Dukansu gaskiya suka faɗa. Saƙon yana nan a WhatsApp, amma gaisuwar safiya da hotunan suna da sanarwar ta'aziyya sun binne shi.

A Akra da Kumasi yanzu da wuya ka sami gidan da mutum ɗaya ne kawai ke fita nema. Miji yana shago ko kan mota, mata tana sayar da wake da shinkafa ko tana aikin asibiti, yara kuma daga boko sai makarantar allo. Shi ya sa gidaje da yawa suka fara gwada manhajojin da ke ba iyali damar rubuta jerin cefane da ayyukan gida wuri guda, kowa yana gani a wayarsa. Matsayin wannan jarida shi ne, abin yana da amfani kuma muna goyon bayansa, amma da sharaɗi ɗaya: kowane layi ya faɗi abin da za a saya, da yawansa, da sunan wanda zai saya. Jerin da ba shi da wannan, rigimar da aka saba ce kawai ta koma cikin waya.

Da farko, me ya sa zauren WhatsApp na iyali bai isa ba? Saƙo a can bin layi yake yi, sabo yana ture tsoho. Mintuna 15 kacal ake da su a gyara saƙo bayan an tura shi, kuma wanda ya rubuta ne kaɗai zai iya gyarawa. Ana iya kafe saƙo a saman hira har na kwana 30, to amma wanda ya sayo albasa ba shi da hanyar soke albasa daga saƙon wani. Sai dai ya rubuta "na sayo", wannan ma ya bi sahun 'yan'uwansa ya nutse.

Jerin haɗin gwiwa shafi ɗaya ne da kowa ke iya taɓawa. Mu ɗauki Google Keep, tunda kyauta ne, kuma duk mai wayar Android yawanci yana da asusun Google da ake buƙata. Mutum ɗaya ya buɗe sabon jeri mai akwatunan da ake dannawa, ya sa masa suna, a ce "Cefanen mako". Sai ya shiga wurin da aka rubuta `Collaborator` ya sa adireshin imel na matarsa da na babban yaron gidan. Daga nan duk wanda ya danna akwatin wani abu, abin zai sauka ƙasa da layi a kansa, kuma kowa zai ga haka a tasa wayar. Idan mako ya zagayo ba sai an sake rubutu ba. Akwai `Uncheck all items`, a wasu wayoyin `Untick all items`, wanda ke dawo da komai sama, sai a goge abin da ba a buƙata.

Yanzu mu gwada da gida guda, a matsayin misali. Mutum bakwai ne: maigida, uwargida, mahaifiyar maigida, da yara huɗu. A makon farko uwargida ta rubuta "shinkafa, mai, tumatir, gas, sabulu". Ran Laraba maigida ya ga "shinkafa" ya sayo ƙaramin buhu mai kilo 5, alhali ita buhun wata take nufi. Ya ga "mai" ya sayo man gyaɗa, ita kuwa manja take so. Gas kuma kowa ya gani, kowa ya zaci ɗayan zai yi. Manhaja ta yi aikinta daidai, amma gida bai tsira da komai ba.

A mako na biyu sai suka canza yadda suke rubutu. "Shinkafa, buhu mai kilo 25, Baba, ƙarshen wata." "Manja, kwalba 2, Mma, Laraba." "Tumatir, olonka 1, Mma." "Cika tukunyar gas, babban yaya, kafin Juma'a." Suka kuma raba jerin gida biyu: na wata, inda ake sa buhu da galan da kuɗin mitar wuta, da na mako, inda ake sa kayan miya. Dalilin rabawar shi ne kuɗin ba daga aljihu ɗaya suke fita ba, kuma ba rana ɗaya ake sayensu ba. Suka ƙara doka guda: ana danna akwati ne a gaban mai sayarwa, bayan an biya, ba lokacin da aka yi niyya ba, ba kuma sai an dawo gida ba. Wanda ya danna tun yana cikin mota sannan ya tarar kaya sun ƙare, ya yaudari gida ba da gangan ba. Wanda ya bari sai dare kuma, ya bar ƙofa a buɗe wani ya sake sayen abin da ke cikin jakarsa.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata kowa ya sani. Manhajar tana buɗewa ko da babu data, kuma za ka iya danna akwati lafiya lau, amma sauran mutanen gida ba za su gani ba sai wayarka ta hau intanet. Da yawanmu kuwa muna kashe data ne don tattali. Ke nan uwargida na iya soke manja a kasuwa da ƙarfe 11, maigida ya duba da ƙarfe 4 ya ga manja yana nan daram. Maganin mai sauƙi ne. Kafin ka saya, kunna data, ka ja allon ƙasa ya sabunta, ka kuma duba lokacin da ke kusa da kalmar `Edited`. In ka ga lokacin jiya ne alhali ka san yau ranar kasuwa ce, kira ka tambaya kafin ka ciro kuɗi. Bayan ka saya kuma, ka bar datar a kunne na ɗan lokaci. Rubutu ne zalla, ba ya cin data kamar bidiyo.

A san kuma cewa duk wanda aka sa a jerin yana iya gogewa ko canza kowane layi, kuma in wanda ya buɗe jerin ya share shi, ya ɓace wa kowa. Tunatarwar da mutum ya sa wa kansa a Keep ma tasa ce shi kaɗai, wayar matarsa ba za ta yi ƙara ba. Gidan da ke son rabon aiki mai maimaituwa, kamar fitar da shara duk Talata ko ɗebo ruwa ranar da famfo ya kawo, zai fi jin daɗin Microsoft To Do, inda ake iya ɗora aiki a kan sunan mutum da `Assign to`, a kuma sa shi ya riƙa dawowa da `Repeat`. Sai dai kowa na buƙatar asusun Microsoft. Shawararmu, a fara da guda ɗaya, a yi wata da shi kafin a ƙara wani.

Mun san masu suka za su ce, iyayenmu sun riƙe gidaje masu mutum ashirin ba da waya ba. Haka ne. Amma a lokacin akwai wadda take zaune a gida yini guda, tana riƙe da lissafin komai a kanta. Yau ita ma ta fita nema, lissafin kuma bai sauka daga kanta ba. Ita ce ke tuna sabulu ya ƙare, ita ce ke tuna kuɗin makarantar allo, sannan ita ake tuhuma in an manta. Babban amfanin jerin shi ne ya sauke wannan kaya daga kan mutum ɗaya ya ajiye shi inda kowa ke gani.

A nan ne kuma muke jan kunne. In aka rubuta ayyukan gida da sunaye, gaskiya za ta fito fili. A gidaje da yawa za a ga sunan yarinya a kan wanke-wanke da shara da wanki da raino, sunan yayanta namiji kuma a kan layi ɗaya ko babu. Wanda ya ga haka a allonsa, ya gyara. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hidimar iyalinsa a gida. Yarinyar da ke shirin jarrabawa tana da haƙƙin lokacin karatu kamar ɗan'uwanta.

Haka kuma jerin cefane ba kotu ba ce. Maigidan da ya mai da shi hanyar bin diddigin kowane sidi da matarsa ta kashe, zai wayi gari ta daina rubutawa, kuma da gaskiyarta. Farashin tumatir na safe ba shi ne na yamma ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kayan haɗaka kamar buhun masara da gas su zauna a jeri ɗaya, amma cefanen ranar girki kowace ta riƙe nata ita da mijinta, don kada jerin ya zama sabon filin gasa.

Kada kuma a manta da Hajiya, wadda ba ta karanta boko ko ba ta riƙe irin wannan waya. Ita ce sau da yawa ta fi kowa sanin abin da ya ƙare a rumbu. A ɗora wa jika ɗaya nauyin zama da ita duk daren jajiberin kasuwa, ya ce: "Kaka, me za a ƙaro?", ya rubuta, ya kuma karanta mata abin da aka sayo. Gidan da wayoyin ba su wadata ba, allo da alli a bangon kicin zai yi, muddin an bi ƙa'idar nan: abu, yawa, suna.

Ga abin da muke roƙon masu karatu su gwada a wannan makon. Bayan sallar isha'i ranar Lahadi, a zauna minti goma, a rubuta abu goma kacal, kowanne da mai shi. Ran Lahadi mai zuwa a duba layukan da ba a soke ba, a tambayi dalili cikin mutunci. In layin da ya rage na maigida ne, shi ma ya amsa.